Firjin kasuwa don riga-kafi, da kwalbar da aka hana buɗewa

*Malama, ni ne ma'ajin kwamitin asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu. Ba mu da firjin riga-kafi, duk ranar allura sai an ɗauko daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Mun yi karo-karo, muna son sayen firjin gida da sola da batir. Mu saya?*

Alhaji, kada ku saya. Na san hankalinku yana kan zafi, amma abin da firjin gida ya fi yi wa riga-kafi shi ne daskararwa.

A asibiti irin naku ana ajiye riga-kafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos. Firjin gida ba a ƙera shi don tsayawa a wannan tsakani ba. Kusa da gidan ƙanƙara da bangon baya sanyi kan sauka ƙasa da sifili, a jikin ƙofa kuma ya haura 8. Da wuta ta yanke, cikin 'yan awoyi ya ɗume. Sai mai kula da shi ya murɗa sanyi zuwa ƙarshe don ya rama, ya daskarar da Penta mai kare yara daga cututtuka biyar, da PCV ta ciwon huhu, da allurar ciwon hanta da ta tetanus. Waɗannan ko sau ɗaya suka daskare ƙarfinsu ya tafi, kuma in sun narke ido ba ya bambanta su da masu kyau a kallon farko.

Ɗan tambarin da ke jikin kwalba, wanda ake kira VVM, ba zai cece ku a nan ba. Murabba'i ne a cikin da'ira: muddin murabba'in ya fi da'irar haske ana amfani da kwalbar, in launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu a fitar da ita. Zafin da kwalba ta sha kawai yake nunawa, bai san daskarewa ba. Ita daskarewa da gwajin girgiza ake gano ta. A ɗauki kwalba ɗaya daga rukuni guda da wadda ake zargi, a daskarar da ita da gangan, a bar ta ta narke, a yi mata alama. A girgiza su tare a hannu ɗaya kamar daƙiƙa 15, a ajiye a wurin haske. In wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, ta lalace. Gwajin ba ya aiki a kan allurar shan inna ta IPV. Ita in an yi zargin ta daskare, fitar da ita ake yi.

Firjin da ya dace da ku shi ne mai aiki kai tsaye da hasken rana, ba batir. Da rana yana tara ƙanƙara a keɓaɓɓen wuri a jikinsa, ita ke riƙe sanyi da dare da ranakun hadari ko hazo. Batir kuwa shi ne ya kashe yawancin tsoffin firjin sola: ya mutu bayan 'yan shekaru ba kuɗin sauyawa, ko a zare shi a kai cajin waya. Kowane iri aka nuna muku, ku nemi lambar PQS, shaidar cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsa. Ya fi ƙarfin karo-karon ƙauye, amma irinsa ne Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta rarraba wa mazaɓu da tallafin Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa riga-kafi. Ku rubuta ta hannun jami'in riga-kafi na ƙaramar hukuma, ku haɗa da adadin yaran da kuke yi wa allura a wata.

Kuɗin naku su tafi man babur ɗin ɗauko riga-kafi da na fita rugage, da kular riga-kafi mai murfin da ke kamawa sosai. Wanda ke ɗaukowa kuma ya daina zuba ƙanƙara daga firiza kai tsaye a kula. Ya jera robobin a tebur har sai ya girgiza ya ji ruwa na motsi a ciki, sannan ya saka.

*Anti, ni ke yin riga-kafi a asibitinmu. An ce asararmu ta yi yawa, shi ya sa ba na buɗe kwalbar ƙyanda sai yara sun kai bakwai. Daidai ne?*

Ƙanwata, ki buɗe ko da yaro ɗaya ne. Uwar da ta yi tafiyar awa guda da goyo aka ce ta dawo wani mako, ba kowace ke dawowa ba.

Bari mu yi lissafin. Mu ɗauka a wata kin buɗe kwalaben ƙyanda 12, kowace ta yara 10, wato 120, kika yi wa yara 78. Saura 42. Raba 42 da 120, ki ninka da 100, asara ta zama kashi 35 cikin 100. Ga ƙyanda a ƙaramin asibiti wannan ba abin tashin hankali ba ne, domin gari ce ake damawa, kuma bayan awa 6 ko ƙarshen zaman allura, duk wanda ya riga zuwa, zubar da ragowar ake yi. Haka BCG ta tarin fuka da ta shawara. Kwalbar BCG ma ta yara 20 ce, masu tsara oda sun riga sun sa rabinta a lissafin asara.

Inda zan ɗaga gira shi ne Penta. Kwalbarta da aka buɗe tana kaiwa kwana 28 in an rubuta ranar buɗewa a jikinta, ta zauna a sanyin da ya dace, tambarin bai juya ba, wa'adinta bai ƙare ba, kuma ruwan kula bai jiƙa bakinta ba. To in kin buɗe 30, wato 300, yara 240 suka samu, kashi 20 ke nan, kuma akwai dalili. Ko ana zubar da ita kamar ta ƙyanda, ko ana yi wa yara ba a sa su a takardar ƙirga. A littafin kaya ki ware kwalaben da suka lalace a rufe, da dalilin kowace: zafi, daskarewa, fashewa ko ƙarewar wa'adi. Wannan ce asarar da ake so ta kusa sifili, kuma ita ke tona asirin firji. Shi ya sa ake rubuta sanyinsa safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Takardar da kullum aka rubuta 5 da biro ɗaya da hannu ɗaya, ni dai ba na yarda da ita.

Sai ki ɗora wannan kusa da lissafin yaran da suka fara ba su ƙarasa ba. Penta sau uku ce, a mako 6 da 10 da 14. Ki riƙa tarawa daga Janairu, don wata guda kaɗai yana ruɗarwa. A ce zuwa Yuni yara 200 sun karɓi ta farko, 150 ta uku. Bambancin 50, raba da 200, kashi 25. Abin da ya wuce kashi 10 matsala ne. Waɗannan iyaye sun san hanya kuma ba su ƙi allura ba tun da sun zo da farko, don haka a fara duba asibiti: an mayar da su gida, ko riga-kafi ya yanke, ko ba a gaya musu ranar dawowa ba, ko zazzaɓin bayan allura ya tsorata su ba wanda ya yi musu bayani tun farko. In lissafin ya fito ƙasa da sifili, wato Penta ta uku ta fi ta farko yawa, a duba rubutun ko yaran da suka fara a wani asibitin.

Ki yi irin wannan tsakanin Penta ta farko da ƙyanda ta wata 9, nan ne za ki ga abin da dokar yara bakwai ta jawo. Ki fitar da sunayen daga rajista unguwa-unguwa, ki ba mai unguwa da ungozoma su bi gida-gida, ki kai lissafin biyu tare wurin taron wata na ƙaramar hukuma.