Me ya sa 'yan wasa ke barin wasana a mataki na uku duk da na rubuta musu bayani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wasan tsalle-tsalle na waya da Godot. A mataki na uku ɗan wasa yana samun zabura, wato ya yi tsalle sannan ya cilla gaba a iska. Na rubuta bayani shafi huɗu kafin matakin, amma duk wanda na ba ya gwada sai ya danna `Skip`, ya yi ta faɗawa rami, ya ajiye wayar. Wani ya ce in cire `Skip` ɗin in ƙara bayani. Hankalina ya tashi, don na kusa sakin wasan.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, gyaran na 'yan kwanaki ne. Amma kada ka bi waccan shawara. Ita ce mafi ɓarna a cikin abin da ake faɗa wa masu haɗa wasa, kuma kullum sai an maimaita ta: wai idan mutum ya kasa, bai karanta ba ne, sai a tilasta masa karatu. Mutumin da ya buɗe wasa hannunsa ne ke son aiki. Idan ka cire `Skip`, zai yi ta dannan allo har rubutun ya wuce ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, ya iso bakin ramin da jahilcinsa na dā, ga kuma haushinka a ransa. Ko da ya karanta, ka ba shi amsa tun tambayar ba ta zo masa ba. Bai taɓa ganin ramin da tsallensa ya gaza ba, to a ina zai ajiye labarin zabura? Sannan lokacin danna maɓalli abu ne da yatsa ke koya da maimaici. Jimla ba ta iya gaya wa yatsa "yanzu". Masu sayar da kwas da ke cewa shafin bayani shi ne koyarwa sun fi ba ni haushi, domin abin da ya fi sauƙin haɗawa suke koyarwa, su bar abin da ke aiki.

Dubi matakin farko na Super Mario Bros. na 1985. An ajiye Mario a hagu yana fuskantar dama, fili a gabansa, sai ka san inda za ka nufa. Can gaba akwai tudun bulo guda biyu masu tazara a tsakani, ƙasa na nan a tazarar, idan ka faɗa sai ka fito. Nan da nan sai ga irinsu kuma, amma wannan karon rami ne a tsakani. An koya maka tsallen a inda kuskure ba ya kisa, sannan aka jarraba ka da shi, kuma babu kalma ko ɗaya.

Haka za ka yi wa zaburarka. Fara da awo. A ce tsalle kaɗai yana cin bulo 4, tsalle da zabura suna cin 7. Ɗakin farko bayan samun zaburar ya zama fili, babu abokin gaba, babu ƙaya, babu agogo, sai tazara mai faɗin bulo 6 da ƙasa a ƙarƙashinta, da hanyar hawowa da ba ta wuce daƙiƙa 3 ba. Kada ka yi ta bulo 5, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Bulo 5 yana kama da abin da tsalle zai iya, sai mutum ya ɗauka shi ne bai iya tsalle ba, ya yi ta gwada abin da ba zai yiwu ba. Bulo 6 kuwa ido na gani ya san tsalle ba zai kai ba, dole ya nemi sabuwar dabara. Kada kuma ka yi 7, domin mai koyo yana buƙatar rarar bulo guda ta kuskure. Tabbatar babu wata hanyar wucewa sai ta zaburar. Wanda ya tsallake ta gefe zai je gaba ya maƙale a inda ba ka san dalili ba.

Maɓallin fa, ta yaya zai san shi? A waya, bari maɓallin zabura ya bayyana a allo a daidai lokacin da ya same ta, ya ɗan yi haske. Idan ya faɗi sau biyu bai taɓa shi ba, nuna hoton maɓallin a kan tazarar da kalma ɗaya ko biyu. Rubutu ba haramun ba ne. Sharaɗinsa ya zama gajere, ya zo lokacin buƙata, kuma kada ya tsayar da wasan.

Ɗaki na biyu, tazarar nan dai ta bulo 6, amma yanzu rami ne na gaske, da zango dab da bakinsa, yadda wanda ya mutu zai dawo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ɗaki na uku ka juya abin: ƙaya a rufi, wadda ke tilasta masa ya jinkirta zaburar har sai ya fara saukowa. Na huɗu ne kawai za ka haɗa ta da abokin gaban da ya riga ya sani tun mataki na biyu. Bayan nan ba shi wuri mai sauƙi inda zai yi ta zabura yana kwasar lada. Wahalar wasa ba layi ba ce mai hawa kai tsaye, haƙoran zarto ce: ta hau, ta sauka, ta sake hawa ta ɗan zarce na baya. Duk lokacin da sabon abu ya shigo, sauran abubuwa su yi sauƙi. Ina kyautata zaton matakinka na uku ya kawo zabura, ya ƙara wa abokan gaba gudu, ya faɗaɗa ramuka, duk a lokaci guda.

Sai gwaji. Nemi mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba, ka miƙa wa kowa wayar, ka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, amma da zarar ka ce "danna nan" gwajin ya lalace, domin ba za ka bi kowane mai wasa gida ba. A kowace mutuwa rubuta ɗakin, da ko ya danna zabura kafin ya mutu. Idan yana mutuwa bai danna ba, bai gane ba ne, ɗakin farko za ka gyara. Idan yana dannawa amma yana gazawa da kaɗan, ya gane, wahalar ce ta yi yawa: rage tazarar, ko ka yi masa sassauci ya iya tsalle har kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙafarsa ta bar bakin tudu, irin sassaucin da wasan Celeste na 2018 yake yi. Idan kuwa yana danna gefen maɓallin, ko babban yatsansa ya rufe inda zai sauka, matsalar tsarin allo ce: ƙara girman maɓallin, ka matsar da kyamara gaba. Cututtuka uku ke nan, kuma babu wadda shafin bayani yake warkarwa.

Idan uku cikin biyar suka maƙale a wuri ɗaya, laifin wurin ne. Gyara abu guda kawai, sannan ka nemo wasu sabbin mutane biyar, domin na farkon sun riga sun koya, ba za su ƙara nuna maka inda baƙo ke tuntuɓe ba. Shafukan nan huɗu kuwa, mayar da su cikin jerin zaɓi na wasan, mai so ya je ya karanta.