Rasidin da Ba Ya Ɗauke da Lambar Waya

Tambaya: Barista, na sayi sabuwar waya a wani shago a Kano da garantin shekara ɗaya, bayan wata biyu ta daina ɗaukar caji. Da na mayar, mai shagon ya ce lambar da ke jikinta ba ita ce a littafinsa ba, wai na musanya ta. Rasidina kuwa sunan wayar da kuɗinta kawai aka rubuta.

Amsa: Malam, doka tana tare da kai. Sashe na 132 na dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ya ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Abin da ya rage shi ne ka tabbatar cewa wayar da ke hannunka ita ce wadda aka sayar maka, kuma a nan ne rashin lambar a rasidi ya cuce ka.

Ka fara da danna *#06# tun cajin bai ƙare ba, ka ɗauki hoton abin da ya fito, wato lambar IMEI, wadda ita ce lambar shaidar wayar kanta. Waya mai layi biyu tana da lambar IMEI guda biyu, kowacce mai alƙaluma 15, ga kuma lambar kamfani daban, kuma sau da yawa yaron shago yakan kwafe ɗaya daga kwali alhali maigidansa yana duba ɗayar. Idan lambobin suka dace da na kwalin, ka nemi ya nuna maka shafin ranar da ka saya da takardar dilan da ya saro masa, domin wanda ya ce an yi musanya shi ma sai ya nuna lambar wayar da ya ba ka. Ka haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki, saboda tana ɗauke da rana da sunan wanda ya karɓa.

Ina roƙonka kada ka kai ta wurin mai gyara. Buɗe ta yakan soke garanti, idan kuma aka canza injinta lambar ma za ta canza, ka rasa hujjarka da hannunka.

Bayan haka ka rubuta masa takarda mai kwanan wata kafin wata ukun su cika, ka faɗi abin da kake nema, ka ajiye kwafi. In ya ƙi, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ko ka shigar da ƙara a kotun ƙananan da'awa.

Idan kuwa lambar wayar ta saɓa wa ta kwalin da ka karɓo, maganar ta wuce garanti, domin mai yiwuwa tsohuwa ce aka sake wa kwali ko ma ta sata. Sashe na 167 na dokar shaida ta 2011 ya yarda kotu ta ɗauki wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓar kayan, sai in ya bayyana yadda suka zo hannunsa. A wannan hali ka riga kowa zuwa ofishin 'yan sanda da rasidin, kwalin da wayar, tare da lauya.