Littafin tambayoyi ya cika

"Maigida, littafin da ka ce in riƙa rubuta tambayoyin masu kawo ɗinki ya cika. Yaya zan mayar da su amsoshin da za mu riƙa sakawa a WhatsApp ɗin shago?"

Madalla, ɗana. Amma ajiye biron tukuna, ƙirga za ka fara yi. Bi littafin shafi-shafi, duk tambayar da ta sake dawowa ka yi mata alama a gefe. Za ka tarar yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, kaya kawai suka sauya. Mai cewa "wannan zai ishe ni?" da mai cewa "nawa zan yanko a Kwari?" abu guda suke nema, wato yawan yadi. Wadda alamarta ta fi yawa ita za ta fara fita. Wadda mutum ɗaya ya taɓa yi, bar ta a littafi.

Mu ɗauki ta yadin. A sama ka rubuta ta yadda suke faɗa da bakinsu: "Yadi nawa zan sayo?" Kada ka gyara ta zuwa maganar teloli, don mutum sai ya ga kalmarsa yake tsayawa ya karanta. Layin da ke biye amsar ce tsaf, ba doguwar gaisuwa: kaftani da wando na babban mutum yadi 5, babbar riga da 'yar ciki da wando yadi 10. Daga nan sai ka kawo abin da ke sauya lissafin: dogo ko mai jiki ya ƙara, haka in yadin ba shi da faɗi. Ka ƙare da cewa mai shakka ya zo a auna shi kafin ya je kasuwa. Shi ke nan. Idan ka ji hannunka na neman shigo da maganar aiki a wuya, to wata tambayar ce, ranarta daban.

Kuɗi kuwa, kar ka rubuta adadi. Na taɓa yi, zare da man janareto suka tashi, wani ya zo mini da hoton tsohon rubutun a wayarsa, muka yi ta sa-in-sa har la'asar. Faɗi abin da ke sa kuɗin hawa: aikin hannu ne ko na inji, kuma na gaggawa ne ko a'a.

Sai lokacin fitarwa. "Zan samu kafin Sallah?" tun Sha'aban za ta fita, tare da ranar da za mu rufe karɓar ɗinki. In ka bari sai goman ƙarshe na azumi, wa ta amfana? Sauran ka riƙa sakin biyu a mako. Kuma tun da abin da aka ɗora a status awa 24 kawai yake yi, ka adana kowace amsa a wayar shago don turawa duk wanda ya sake tambaya.

Bayan wata guda ka duba sabon littafi. Idan waɗanda suka karanta har yanzu suna kira suna tambayar yadi, amsar ce ba ta fito sarai ba. Kawo ta mu sake rubutawa.