Na karanta ƙorafin kwastomomi har na gaji, ta ina zan ga ƙofar shiga?

"Malam barka da aiki. Ina so in fara sayar da jakunkunan makaranta na yara amma masu sayarwa sun yi yawa. An ce min in je in karanta ƙorafin da kwastomomi suke yi a kansu zan ga inda suka bar giɓi, to na karanta, ban ga komai ba sai faɗa da kukan tsada. Don Allah me ya kamata in duba?"

Barka dai ɗan'uwa. Shawarar da aka baka mai kyau ce, matsalar kawai karantawa ka yi, ba ka ƙirga ba. In mutum yana bin ƙorafi da ido haka nan to wanda ya fi zafi shi yake tsaya masa a rai, alhali wanda zai kawo maka kuɗi sau da yawa shi ne wanda aka rubuta a sanyaye amma mutum arba'in suka maimaita shi ba tare da sun san juna ba.

Ga yadda nake yi. Ka zaɓi masu sayarwa kamar biyar, waɗanda da gaske suke ciniki ba waɗanda suka buɗe jiya ba, ka tattara ƙorafi wajen 200 na cikin shekara ɗayar da ta wuce, kar ka koma baya sosai don wanda aka yi shekara uku baya wataƙila tuni an gyara ko ma an daina kawo kayan. Ka samu littafi ka ja layi huɗu: wane mai sayarwa ne, mene ne ainihin abin da ya faru, bayan wane lokaci da saye ya faru, sannan me mai sayen ya yi daga baya. A layi na biyun nan ne mutane suke kuskure, sai su rubuta "ba kwaliti". Ba kwaliti ba ya gaya maka komai. Ka rubuta "zif ya buɗe ta baya" ko "hannu ya tsinke daga wajen ɗinki", irin kalmar da mai ƙorafin ya yi amfani da ita. Kuma inda ake ba da tauraro, ka fi tsayawa a kan masu biyu da uku, don mai tauraro ɗaya yawanci a fusace ya rubuta, mai biyar kuma wani lokacin ɗan'uwan mai kayan ne ko kuma ranar da aka kawo masa ya rubuta tun bai yi amfani da ita ba, amma mai uku shi ne zai ce maka jakar tana da kyau yaro yana sonta sai dai abu kaza.

Bari in ƙaga maka lissafi don ka ga yadda ake tacewa, misali ne kawai, naka zai fito daban. A ce cikin 200 ɗin nan 62 kukan tsada ne, 48 zif ya lalace, 35 an yi jinkirin kawo kaya, 30 jakar ta fi ƙanƙanta a kan yadda take a hoto, 15 hannu ya tsinke, 10 kuma tarkace.

Tsada ce ta fi yawa kuma ita za ka fara ajiyewa gefe. Babu kayan da ba a kukan tsadarsa a duniya, kuma waɗannan 62 ɗin ai sun saya, sun biya kuɗin sannan suka yi kukan. In ka shiga da niyyar karya farashi, wanda ya riga ka yana sarin dubu kai kana sarin hamsin, zai iya saukowa ƙasa da kai ya zauna a can har jarinka ya ƙare. Abin da kawai nake dubawa a kukan tsada shi ne rabin jimlar na biyu, wato in mutum ya ce "duk tsadar nan amma wata biyu ta yi", to wannan ba tsada yake kuka ba, ƙarko yake nema, sai ka ɗauke shi ka mayar layin zif.

Jinkirin kawo kaya kuma sai ka koma layin farko ka ga su waye. In ka tarar 28 daga cikin 35 duk a kan mutum ɗaya ne, to ba giɓin kasuwa ba ne, sakacin mutum ɗaya ne, kuma sauran huɗun suna nan suna kwashe kwastomominsa tun kafin ka zo. Giɓi shi ne matsalar da ka gani a wajen huɗu cikin biyar ko ma duka, yadda mai saye in ya bar wannan ya koma wancan zai sake cin karo da ita.

Maganar girma tana wajen kowa, kuma gyaranta kusan kyauta ne, ka auna tsawo da faɗi da santimita ka rubuta, ka ɗauki hoto yaro yana goye da ita da babban littafi a ciki. Ka yi hakan tabbas. Amma kar ka gina sana'a a kai, don abin da bai ci maka komai ba makwabcinka ma sati ɗaya ya ishe shi ya kwaikwaya.

Saura zif da hannu, 63 in ka haɗa, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a nan ne layi na uku da na huɗu za su yi maka aiki. In ka ga yawancinsu suna cewa wata biyu, wata uku, kafin zangon karatu ya ƙare, sannan suna cewa "sai da na sake sayen wata" ko "na kai an canja zif sau biyu", to ka samu mutanen da tuni suke kashe kuɗi a kan matsalar. Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a wajena. Wanda ya yi ƙorafi ya haƙura ba lallai ya biya ka ƙari ba, amma uwar da ta sayi jaka biyu a shekara ɗaya ta riga ta nuna maka da aljihunta nawa matsalar take ci mata.

To amma kafin ka yi murna ka tambayi kanka me ya sa duk su biyar ɗin ba su gyara ba, don ba wawaye ba ne, su ma suna ganin ƙorafin nan kullum. Ka sayi jaka ɗaya ɗaya daga wajensu ka juya cikinta. Zif yana da lamba, akwai 3, 5, 8, 10, kuma lambar kusan faɗin haƙoran ne da milimita in an rufe, sau da yawa za ka ganta a bayan kan zif ɗin. Jakar da za ta ɗauki littattafai masu nauyi babban aljihunta lamba 8 ko 10 yake so, masu araha kuwa sai a sa musu 5. Kuma galibi ba haƙoran ne suke fara mutuwa ba, kan ne yake buɗewa saboda ƙarfensa mai laushi ne, sai ka ja ya wuce haƙoran su rabu a bayansa. Hannu kuma ka duba inda ya haɗu da jikin jakar, ko ɗinki layi ɗaya aka yi ko an maimaita an danne shi sosai. In ka tarar duk biyar ɗin kusan jaka ɗaya suke sayarwa da suna daban daban saboda wuri ɗaya suke sari, to dalilin ya fito, ba su da iko a kan yadda ake ɗinkawa, kuma kai in za ka samu mai ɗinki ko wani kamfanin da zai yi maka yadda ka ce, ƙofa ta buɗe. In kuwa ka gano cewa akwai wanda ya taɓa kawo mai ƙarfin ya kasa sayarwa saboda iyaye suna canja wa yaro jaka duk shekara ko ta lalace ko ba ta lalace ba, to ka tsaya, wannan rami ne da wani ya riga ya faɗa.

Yanzu kuɗi, zan sa lambobi kawai kai ka mayar da su kuɗinka. A ce ta kasuwa ana sarinta 100 a sayar 140, riba 40. Taka da babban zif da ƙarin ɗinki ta tsaya maka 112, ka sa mata 160, riba 48. Sai dai mai saye ba ya ganin ƙarko da ido ranar saye, kowa cewa yake tasa mai ƙarfi ce, don haka dole ka ɗora alkawari a kai, misali in zif ya lalace cikin wata shida a kawo ka canja. Alkawarin nan kuɗi ne. In ka sayar da 20 ribarka 960, in ɗaya ta dawo ka ba da sabuwa ka cire 112 saura 848, wato kusan 42 a kowace jaka, har yanzu ka ɗan fi mai 40. Amma in uku suka dawo saura 624, kusan 31 kenan, ka ga ka sha wahala ka koma ƙasa da wanda bai gyara komai ba. Ban ma sa kuɗin kai kaya da na talla ba. Shi ya sa nake matsa wa mutane su yi wannan lissafin a takarda tun kafin su ba da oda.

Kar ka fara da ɗari biyar. Ka sa a yi maka 20 ko 30, ka ɗauki ɗaya ka cika ta da littattafai har ta kumbura ka riƙa buɗewa da rufewa sau ɗaruruwa, ka rataye ta da nauyi kwana biyu ka duba ɗinkin. Sauran ka ajiye su gefe da gefe da ta 140 ɗin, don so kake ka ga wacce mutum zai ɗauka in duka biyun suna gabansa, tambayar "za ki saya?" ba ta da amfani, kowa zai ce eh don kara. A tallan ma ka yi amfani da kalmominsu da ka kwafa a littafi, ka ce jakar da zif ɗinta ba ya buɗewa ta baya, wanda abin ya taɓa samunsa nan take zai gane. Ni a ma'aunina in mutum ɗaya cikin uku ya yarda ya ƙara 20 ɗin nan ba tare da ka roƙe shi ba, akwai kasuwa. In sai ka sauko 145 sannan suke ɗauka, to ƙorafin gaskiya ne amma ba su shirya biyan kuɗin gyaransa ba.

Sannan ka karɓi lambar duk wanda ya saya da izininsa, ka jira. Tunda littafinka ya nuna zif wata biyu zuwa uku yake yi kafin ya lalace, yabon da za a yi maka a satin farko ba shaida ba ne, sai wata na huɗu ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya yaya zif, yaya hannu, ka rubuta amsar a irin layukan nan huɗu da ka ja wa wasu. Abin da ya fito a shafin shi zai gaya maka ko odarka ta biyu 30 ce ko 300.