Yadda za a haɗa darasin ƙasa da zaɓin taki a shafukan majigi

Tambaya: "Salamu alaikum malamaina. Ina shirya wa ɗaliban shekarar farko darasi, amma hawa-hawan ƙasa, zagayen sinadarai da takin zamani kowanne ya fito kamar darasi mai zaman kansa. Yaya zan ɗaure su?"

Wa alaikumus salam, Malam. Zana rami guda mai zurfin mita ɗaya a gonar hatsi ta jigawa, irin wadda ta kewaye Maradi, ka bar wannan zanen a gefen hagu na kowane shafi har ƙarshen darasi. Kibiyoyi kawai za su riƙa canzawa a kansa. Kada ka ɗauko hoton littattafan Turai mai baƙar ƙasa lafce a sama, ɗalibi zai je gonar babansa ya neme ta ya rasa.

A shafin farko nuna hawan A, kamar santimita 20 na sama. Yashi ya kai kashi 90 cikin 100, ruɓaɓɓen ganye da taki bai kai kashi 1 ba, amma ɗan abincin da ƙasar ke da shi a nan ya taru. Hawan B ya fi ja, da ɗan yumɓu kaɗan. Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe abinci. Tankaɗe ne.

Daga nan ɗora azot, wato N, a kan ramin, da kibiya biyu ta asara. Ɗaya ta yi sama: yuriyar da aka watsa a fili ba a rufe ba, rana na dukanta, tana tashi a iska. Ɗayar ta yi ƙasa: in azot ya koma nitrat, ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta zai wanke shi ya wuce inda saiwar ƙaramin hatsi take kaiwa. Kafin ka buɗe shafi na gaba, tambayi ajin: to yaushe za a sa yuriya? Da kansu za su ce a jira shuka ta yi saiwa, bayan noman farko, a sa cikin danshi a rufe, a kuma raba ta biyu in tana da yawa. Alamar yunwar azot ita ce tsofaffin ganyen ƙasa su fara yin rawaya.

Fosfor kuwa, wato P, kibiyarsa gajera ce ƙwarai, kusan inda aka aje shi nan yake zama. Shi ne ya fi ƙaranci a jigawarmu, kuma shuka tun tana jaririya take buƙatarsa. In babu, hatsi ya tsugune, ba ya 'ya'ya da yawa a gindi, wani lokaci ganyen ya ɗauki launin shunayya. Wannan ne dalilin sa ɗan taki a ramin shuka, kuma a nan ya kamata lissafi ya shigo, a shafi ɗaya tak.

Tazarar mita ɗaya kowane gefe tana ba da rami 10,000 a hekta. Giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami kilo 60 ke nan, buhu ɗaya na kilo 50 bai isa ba. Giram 2 na DAP 18-46-0 kuwa kilo 20 ne kacal. Lambobi ukun nan kashi ne cikin 100 na azot, fosfat da fotasiyom a jere. Sa su ninka ta tsakiyar da kansu: 6 × 0.15 = 0.9, sannan 2 × 0.46 = 0.92. Fosfat ɗin da kowane rami ya samu kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen azot: NPK ya ba hekta kilo 9, DAP kilo 3.6, don haka mai DAP ya fi buƙatar bin gonarsa da yuriya. Ka tuna musu lambar tsakiya a buhu P2O5 ce, ba P zalla ba. Nan ɗalibai ke yawan faɗuwa a jarrabawa. Kuma in takin ya taɓa iri a ramin da danshi bai isa ba, yana ƙone tsiro, sai a ga gurabe fayau. A sa shi gefe, ƙasa kaɗan ta raba su.

Shafin ƙarshe na kibiyoyin da ke komowa sama ne. Gawo yana jawo abinci daga zurfi, ya zubar da ganye da damina a hawan A. Kashin dabbobi haka. Yawancin fotasiyom a kara yake zama, to duk wanda ya kwashe kara kaf ya kai gida ya kwashe fotasiyom ɗin ne daga gonar. Yuriya zalla shekara bayan shekara, ba takin gida, tana ƙara wa jigawa tsami.

In lokaci ya rage, sauya ramin da na fadamar Gulbin Maradi mai yumɓu, ka bar su su sake zana kibiyoyin azot a matsayin aikin gida.