Takardar kiran 'yan fim zuwa wurin aiki

Tambaya: "Gobe zan fara ɗaukar fim, me zan rubuta a takardar kiran ma'aikata?"

Ɗan'uwa, kada ka rubuta lokaci ɗaya ga kowa. In kamara za ta fara aiki ƙarfe 8, masu fitila su iso 6:30, jarumar da za a yi wa kwalliya 7. Kowa da layinsa: suna, lokacin isowa, lambar fitowarsa.

Fitowa kuwa, jera su yadda za a ɗauka, ba yadda suke a labari ba. Ta 14 tana iya riga ta 3 idan ɗaki ɗaya ne.

A saman takardar sa adireshin wurin da kwatance, da asibiti mafi kusa mai karɓar gaggawa, da lambar wayar mai ba da taimakon farko. Na taɓa ganin an sa su a shafi na biyu, ranar da aka buƙata aka yi ta lalube. Ka tura ta tun daren yau.