Wa'adin gwaji ya cika, ba takardar tabbatarwa

Tambaya: "An ɗauke ni aiki bisa gwajin wata uku. Yanzu ina wata na biyar, ba a ba ni takardar tabbatarwa ba, shugabana ya ce da baki an ƙara mini wata uku. Wane haƙƙi nake da shi?"

Ɗan'uwa, na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, kuma irin wannan shirun ya cuci mutane da yawa a kan idona. Ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka, ka nemo sakin layin da ya yi maganar gwaji. Abu biyu za ka duba: shin an ba su damar tsawaitawa, kuma me aka ce zai faru in wa'adi ya cika.

Wata takardar cewa take kana nan a gwaji har sai an tabbatar da kai a rubuce. In haka taka ta ce, suna da madogara, ko da yake ba ta jan rai har abada ba. In kuwa "wata uku" kawai aka rubuta aka yi shiru, ga shi kuma sun ci gaba da ba ka aiki da albashi, a ƙasashe da dama ana ɗaukar hakan a matsayin ka tabbata. Tsawaitawa ta gaskiya a rubuce ake yin ta, kafin wa'adin farko ya ƙare, da dalili da ranar ƙarewa. Ko Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, da ta yarda a sassauta kariya ga mai gwaji, sharaɗinta shi ne wa'adin ya zama an ƙayyade shi tun farko, kuma bai wuce kima ba.

Abin da gwaji yake ragewa galibi notis ne da sauƙin sallama. A ce takardarka ta ce notis mako ɗaya a lokacin gwaji, wata ɗaya bayan tabbatarwa. In suka sallame ka gobe da notis na mako, alhali ka riga ka tabbata, kana bin su kuɗin wajen mako uku. Albashin kowace rana da ka yi aiki naka ne, haka kayan kariya da ranar hutun mako. Hutun shekara ma a wurare da yawa yana taruwa tun ranar farko: mai kwana 24 a shekara ya tara 10 a wata biyar, ko da ba a ba shi damar tafiya ba tukuna.

Rubuta wa ofishin ma'aikata cikin ladabi, ka ambaci ranar da ka fara da ranar da gwaji ya cika, ka nemi a bayyana maka matsayinka a rubuce. Ka ajiye kofi tare da takardun albashi. Kuma don Allah, in aka miƙo maka takardar ajiye aiki wai "don kare mutuncinka", kada ka sa hannu nan take, domin da ita kuɗin notis ɗinka yake tafiya. Ka karɓa, ka kai wa ƙungiyar ƙwadago ko lauya ya duba ta da dokar ƙasarku.